Dutsen da aka jefa daga saman bene

Ƙanwata, na ga hoton da kika turo. Ga yadda na karanta tambayar: an jefa dutse daga saman bene mai tsawon mita 15, da gudun 20 m/s, a kusurwar 30° sama da layin kwance. Ana neman lokacin da zai yi a sama, nisan inda zai faɗi, da gudun da zai bugi ƙasa da shi. An ba da g = 10 m/s², kuma ba a lissafa da turjiyar iska.

Fara da zane. Ja layi a kwance, ƙasa ke nan. Tsayar da bene a hagu, ki rubuta 15 m a jikinsa. Daga samansa ja kibiya mai kallon sama ta dama, ki sa 20 m/s da 30°. Sai ki zana hanyar dutsen: ta ɗan hau, ta lanƙwaso, ta wuce daidai kan benen ta ci gaba da gangarowa har ƙasa.

Raba gudun gida biyu, ux na kwance da uy na tsaye, ki tabbata kalkuletarki tana kan DEG:

ux = 20 cos 30° ≈ 17.32 m/s
uy = 20 sin 30° = 10 m/s

A gefen hoton na hango 34.6 m da kika rubuta da fensir. Na san daga inda ta fito, R = u² sin 2θ / g ce. Wannan ƙa'idar tana aiki ne kawai idan abu ya sauka daidai tsayin da ya tashi. Naki dutsen kuwa ya sauka mita 15 ƙasa da inda aka jefa shi, don haka idan muka ɗauki sama a matsayin +, to s = −15 m. Alamar ragin nan ita ce gaba ɗaya aikin.

s = uy t − ½gt²
−15 = 10t − 5t²
t² − 2t − 3 = 0
(t − 3)(t + 1) = 0

Lokaci ba ya komawa baya, saboda haka t = 3 s.

Babu abin da ke rage gudun kwance, sai kawai a ninka: x = 17.3 × 3 ≈ 52 m daga gindin benen.

Lokacin faɗuwa vy = 10 − 10 × 3 = −20 m/s, wato yana kallon ƙasa. Sai v = √(17.32² + 20²) ≈ 26.5 m/s.

Kada ki miƙa ba ki duba ba. Dutsen yana hawa na sakan 1, ya ƙara mita 5, ya kai mita 20 daga ƙasa. Faɗowa daga can: 20 = 5t², sakan 2 ke nan. Jimla sakan 3, ya yi daidai. Gudun kuma ki bi ta wata hanyar da ba ruwanta da kusurwa: v² = u² + 2gh = 400 + 300 = 700 m²/s², tushensa 26.5 m/s.

Ki sake yi da hannunki da bene mai mita 40, ki turo min in gani.