Wasiƙar godiya zuwa ga Gwaggo

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da yara baki ɗaya. Ya gajiyar biki? Ya kuma gwiwar taki? Mu dai mun iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Yara tun a mota suka yi barci, sai ɗaukar su aka yi zuwa ɗaki.

Ranar da muka iso na kira ki don in yi godiya, kika tare ni da "haba, ai gidanku ne", kika koma tambayar jikin ƙaramin, daga nan kika ce ana sallama a ƙofa. Ko rabin abin da ke bakina ban faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda takarda dai ba za ki iya katse ta ba. Ki yi haƙuri da rubutun, a kan cinya nake yi, yarinyar nan kuma sai jan hannuna take wai ita ma za ta rubuta miki.

Gwaggo, na gode. Na san yadda gidan yake a makon nan. Kowane ɗaki cike, har falo an shimfiɗa katifu, takalma a bakin ƙofa ba wurin sa ƙafa. A haka muka iso miki cikin dare bayan motarmu ta lalace a hanya, ni da yara biyu da kaya niƙi-niƙi, muka tarar kina zaune kina jiranmu, ruwan wanka da abinci duk da zafinsu. Kika buɗe mana ɗakinki kika ce dama babu mai kwana a ciki. Sai da asuba da na fito na gan ki kwance a ƙasa a ɗakin 'yan mata, da wannan gwiwar da ko tsugunawa ba ta barin ki. Na yi magana kika harare ni, na yi shiru. To yanzu ga shi na faɗa, ba ki kusa balle ki harare ni.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne daren jajibirin ɗaurin aure, da zazzaɓi ya rufe ƙaramin. Ni hankalina ya riga ya tashi, kuka kawai ya rage. Ke ce kika karɓe shi, kika jiƙa tsumma kina goga masa, kika tashi Baba ya fito da mota ya kai mu asibiti a lokacin da kowa ke barci. Da gari ya waye na ce zan zauna da shi, ba zan je ko'ina ba. Kika ce amarya ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ranar nan ba za ta maimaitu ba, in ba ta ga fuskata ba wa za ta gani? Kika goya shi, kika kore ni. Ke da kika fi kowa wahalar bikin nan, ke ce kika rasa rabin taron saboda ɗana. A hotunan safiyar duk babu ke, kuma duk wanda ya tambaye ni ina kike, na gaya masa dalili. Yanzu jikinsa ya yi sauƙi sosai, ya shanye maganin, ya koma ɓarnarsa.

Akwai wata magana da ban taɓa faɗa miki ba. Tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, nake jin nauyin zuwa wajen dangin uba. Babu wanda ya yi min komai. Kawai dai shi ne yake kai mu, shi ne yake zama ku yi ta hira mu kuma muna wasa a tsakar gida, da babu shi sai na rasa ta inda zan shigo. Har a mota ina tunanin yadda zan zauna, ko in takura muku, ko in zama baƙuwar da ake yi wa kara. Kwana ɗaya da isowata kika miƙo min makullin sito kika ce in kula da abin da ke fita, kika yi min faɗa a gaban mutane don na bar yara a rana, kika aike ni sau ba adadi. Wallahi faɗan nan ya fi min daɗi a kan duk wata tarba. Baƙo ba a yi masa faɗa.

Sai kuma daren da aka watse, da muka zauna mu biyu kina ba ni labarin ƙuruciyarsa, yadda yake ɓoye miki takalmi don kada ki bi shi, da yadda ya yi kuka ranar da aka kai ki ɗakin miji alhali shi ne mai cika baki. Ban san shi ta wannan fuskar ba, mu da tsare gida muka san shi. Hoton nan da kika ciro daga ƙasan akwati kika ba ni, na sa an yi masa firam. Babbar ta daɗe tana kallo, ta ce ai wannan kawunta ne, kamar ta yi yawa. Na sa a wanke wani zan aiko miki, don na lura shi kaɗai gare ki kika ba ni.

Ki miƙa godiyata ga Baba. Mutum da shekarunsa ya zama direbanmu, daga tasha zuwa asibiti zuwa wajen taro, ko sau ɗaya bai nuna gajiya ba, kuɗin mai kuma da na miƙa ya ce in ban mayar jaka ba za mu ɓata. 'Yan matanki ma Allah ya yi musu albarka. Su suka yi min guga, su suka yi wa yarinyar kitso, autarki kuwa ta hana kanta zuwa wajen ƙawayenta don ta zauna da yara. Tarbiyyarki ce, kuma ta nuna. Allah ya nuna mana nasu bikin, in zo in rama ko kaɗan.

Na yi waya da amarya jiya, tana lafiya, ta ce ke ce mutum ta farko da kika leƙa ta. Ina roƙon ki ci gaba da sa mata ido tunda ke ce kusa. Kin san ta da zurfin ciki, ko abu na damun ta ba za ta faɗa ba sai an tono.

Mayafinki da kika ara min ya biyo ni cikin kaya, na wanke na goge, yana cikin ƙullin da ke tare da wannan takarda. Akwai ɗan saƙo a ciki naki da na Baba da na yara. Ba yawa, kuma don Allah kada ki ce za ki mayar, yaba kyauta tukuici. Takalmin ƙaramin ƙafa ɗaya kuma ina jin yana ƙarƙashin gadonki, in an gani a ajiye, ba sai an aiko ba.

Maganar gwiwa kuma ba zan bari ba. Kin ce sai bayan biki za ki ga likita, to biki ya wuce. Zan kira autarki ranar Litinin in ji ko kin je, don ke na san amsar da za ki ba ni.

Maigidan yana gaishe ku da kyau, ya ce shi ma zai kira Baba ya yi tasa godiyar. Idan an yi hutun makaranta muna so ki zo mana ki kwana biyu, ki zauna a yi miki hidima, ko tsinke ba za ki ɗaga ba. Ɗaki yana nan, kuma ni zan zo in ɗauke ki da kaina.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya bar zumunci. A gaida kowa da kowa, har maƙwabciyarki da ta ba mu aron katifa.

Wassalam,
'Yarki, babbar 'yar marigayi yayanki