Tsarin karɓar wayar masu neman wurin biki ko suna

Wannan shi ne tsarin da ma'aikatan gidan abincinmu na Titin Gidan Zoo a Kano za su bi idan aka bugo waya ana neman wurin taro. A buɗe littafin taruka kafin a ɗauki wayar, kuma kada a ba kowa rana sai an gan ta a sarari a cikin littafin, domin rana ɗaya da aka ba gida biyu abin kunya ne da ban haƙuri ba ya gyara shi.

Ma'aikaciya: Assalamu alaikum, barka da yini. Kin samu sashen taruka. Da wa nake magana?

Mai kira: Wa alaikumus salam. Uwar amarya ce, ina neman wurin walimar 'yata.

Ma'aikaciya: Masha Allah. Allah ya sanya alheri, Hajiya, ya ba su zaman lafiya. Wace rana aka tsayar, kuma da ƙarfe nawa za a ɗaura auren?

Mai kira: Asabar, 14 ga watan gobe, da ƙarfe 11 na safe, walima kuma bayan la'asar.

Ma'aikaciya: Na duba littafi, Hajiya, babban ɗakinmu yana nan a ranar daga ƙarfe 4 zuwa ƙarfe 9 na dare, kuma yana ɗaukar mutum 300 a zaune. Kati nawa aka buga?

Mai kira: Kati 200.

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Adadin kati ba shi ne adadin baƙi ba, domin mace ɗaya takan zo da ƙanwarta ko da goyo da yara biyu, kuma babu uwar bikin da za ta yarda a mayar da dangin ango daga bakin ƙofa. A faɗi wannan cikin ladabi.

Ma'aikaciya: Hajiya, bisa abin da muka saba gani, shawarata ita ce a shirya wa mutum 250, domin gara abinci ya ragu a zuba muku a kula ku tafi da shi gida, da a ce ya ƙare dangin ango ba su samu ba. Walimar ta mata ce zalla, ko a ware wa maza ɓangarensu?

Mai kira: Ta mata ce zalla.

Ma'aikaciya: To, mata ne za su raba abincin, kuma za mu shimfiɗa dardumai a ƙaramin ɗaki saboda sallar magariba. Muna da dafa-dukar shinkafa da kaza a kan naira 4,500 kowane faranti, muna da waina ko sinasir da miyar taushe a kan naira 3,500, kowanne haɗe da ruwa da zoɓo. Idan ana son kunun aya, a ranar muke yin sa, tun da ba ya jure zafi. Akwai dattawa masu ciwon suga ko hawan jini da za a dafa wa nasu daban?

Mai kira: Akwai kamar mutum 10. Sauran a yi dafa-duka.

Ma'aikaciya: Za a yi musu faten acca marar gishiri da yawa a kan farashi ɗaya. Faranti 250 ya kama naira 1,125,000, kuɗin ɗaki da man janareta naira 200,000, jimilla naira 1,325,000. Ana ba da rabi a matsayin kafin alƙalami, wato naira 662,500, sannan a cika saura kwana 3 kafin taro. Za mu riƙe miki ranar har gobe da magariba.

Idan suna ne, a fara da cewa: "Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya." Da yake ranar bakwai ake raɗin suna, sau da yawa kwana 4 ko 5 ne suka rage, saboda haka a tambayi ranar haihuwa, a ƙirga tare da mai kiran, a kuma nemi cikakken kuɗi kwana 2 kafin taro. A tambaya ko abincin safe ake so a kai wa maza gida, ko wurin yinin mata ake nema.

Kafin a ajiye waya, a maimaita bayanin, kamar yadda za a yi wa uwar amaryar nan:

Ma'aikaciya: Bari in maimaita, Hajiya, ki gyara mini idan na yi kuskure: Asabar, 14 ga watan gobe, ƙarfe 4 zuwa 9, mata 250, faranti 240 na dafa-duka da 10 na faten acca. Yanzu zan tura wannan bayani da lambar asusunmu zuwa wannan layin, kuma da zarar kuɗin ya shigo zan turo miki rasit. Mun gode, Hajiya. Allah ya kai mu lokacin lafiya.