Atisayen sakin kwatangwalo da za a ƙara a tsarin ɗaga ƙarfenka na mako shida

Yallaɓai, barka da aiki. Ga tsarin a rubuce, ka ajiye shi a waya don ka riƙa dubawa a wurin motsa jiki. Kwanakinka suna nan yadda suke: Litinin, Laraba da Juma'a, awa ɗaya bayan tashi daga ofis. Ba za a ƙara maka ko minti ɗaya a kan awar ba. Minti 10 da kake yi a kan keke kafin ka fara za su koma 3, injin miƙe ƙafa da kake rufe atisaye da shi kuma a ajiye shi tukuna. A nan muka samo minti 13 da sabon aikin yake buƙata: 8 kafin ka taɓa ƙarfe, 5 bayan ka gama.

Abin da gwajin ranar Asabar ya nuna shi ne wannan. Da ka kwanta rigingine a bakin benci ka rungume gwiwar hagu zuwa ƙirji, cinyar dama ta ƙi sauka, ta tsaya a sama da benci kamar faɗin yatsu uku, gwiwar kuma ta ƙi lanƙwasuwa sosai. Ɓangaren hagu da sauƙi. Tsokoki biyu ne ke jawo haka. Ɗaya tana tasowa daga ƙashin bayanka na ƙasa, ta ratsa ta cikin ƙugu, ta kama saman ƙashin cinya. Ɗayar tana gaban cinya, ta tsallaka kwatangwalo da gwiwa duka biyu. Mutumin da ke zaune awa takwas a kujera, ya ƙara kusan awa biyu a mota safe da yamma, waɗannan tsokokin a naɗe suke wuni, tsokar mazaunai kuma ba ta da aikin yi. Ban da wannan, idan ka yi tsugunno da kilo 80 a kafaɗa, kafin cinya ta kai daidai da ƙasa sai ƙugu ya lanƙwashe ciki, dunduniyar dama ta ɗaga, washegari kuma ka tashi da ciwon gadon baya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga farko. Miƙa tsoka sau ɗaya yana ba da sauƙi na ɗan lokaci, washegari ta koma yadda take. Abin da ke taimaka wa sakin ya zauna shi ne ka sa tsokar ta yi aiki da nauyi a sabon wurin da ka buɗe. Don haka kowane miƙi a wannan tsarin akwai aikin ƙarfi da ke tare da shi, kuma idan lokaci ya ƙure maka wata rana, miƙin ƙarshe za ka bari, ba aikin ƙarfin ba.

Minti 8 na farko

Bayan minti 3 a keke, jiki ya ɗan yi ɗumi, sai ka shimfiɗa tabarmar roba. Ka durƙusa da gwiwar dama a ƙasa, ƙafar hagu a gaba, tafinta a shimfiɗe, kamar mai shirin miƙewa. Ka sa tawul a ƙarƙashin gwiwar. A nan kusan kowa yake kuskure: sai ya tura ƙugu gaba da ƙarfi, ya banƙare baya, ya ji wani abu yana miƙewa ya ɗauka aiki yana kyau, alhali ƙashin bayansa ne ke lanƙwasuwa, kwatangwalon bai motsa ba. Kai kada ka matsa gaba tukuna. Ka fara matse mazaunin dama, ka ja mara ciki kamar kana son kan bel ɗinka ya kalli haɓarka, haƙarƙari ya sauko. Idan ka yi daidai, za ka ji jan a gaban kwatangwalo tun ba ka gusa ba. Daga nan ka matsa gaba kaɗan, santimita 3 zuwa 5 sun isa, ka riƙe sakan 5, ka dawo. Sau 6 a hagu, sau 8 a dama tunda ita ce mai taurin kai. Idan jan ya koma gadon baya, ka saki mazaunin ke nan, ka sake daga farko.

Na biyu, ka zauna a ƙasa, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafafu a buɗe fiye da faɗin kafaɗa, hannaye a baya suna tallafe da kai. Ka kwantar da gwiwoyin biyu zuwa dama a hankali, sannan zuwa hagu, sau 6 kowane gefe. Wannan yana juya kan ƙashin cinya a cikin kwaskonsa, ciki da waje. Juyawa ciki ita ce ta fi ƙaranci a wurinka, kuma ana buƙatarta a ƙasan tsugunno. Kada ka danna gwiwa da hannu don ta taɓa ƙasa. Inda ta tsaya, nan ne iyakarta a yau.

Na uku na cikin cinya ne. Ka durƙusa a hannu da gwiwa, ka miƙe ƙafa ɗaya gefe, tafinta a ƙasa, sannan ka ja mazaunai baya zuwa dunduniya, baya a miƙe, sau 8 kowace ƙafa. Na huɗu, ka kwanta rigingine, ka ɗaga ƙugu sama da ƙafa ɗaya, ɗayar a rungume, ka tsaya sakan 2 a sama, sau 8. Idan bayan cinya ne ya ɗaure maimakon mazaunai su yi aiki, ka jawo dunduniya kusa da jiki.

Ka rufe da tsugunno kana riƙe da dambel mai kilo 12 a ƙirji. Ka sauka cikin sakan 3, ka zauna a ƙasa sakan 5, gwiwar hannu tana ɗan tura gwiwar ƙafa waje, ka miƙe. Sau 5. Nauyin da ke gabanka yana hana ka faɗuwa baya, shi ya sa za ka ga ka sauka ƙasa fiye da yadda kake yi da sanda a kafaɗa.

Ba na so ka riƙe wani miƙi tsawon minti ɗaya ko fiye kafin ɗaga nauyi. Dogon miƙi a tsaye cak yana iya rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci, gajere mai motsi kuwa ba ya yin haka. Dogayen mun ajiye su ƙarshe.

Gyara a cikin ɗaga ƙarfen

Ranar Litinin, tsugunno zai sauka daga kilo 80 zuwa 65 na mako biyu, zagaye 4 sau 6, da tsayawar sakan 2 a ƙasa. Na san ragin ba zai yi maka daɗi ba, musamman idan abokai suna kallon faifan da ke kan sanda, amma da kilo 80 jikinka zai koma tsohuwar hanyarsa ne kawai. Ka buɗe ƙafafu kaɗan fiye da yadda ka saba, yatsu su kalli waje kamar digiri 20 zuwa 30. Ka tsaya a zurfin da ƙugu bai fara lanƙwashewa ba. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, ido ba ya ganin bayansa. Dunduniyar da ke ɗagawa kuwa ba laifin kwatangwalo ba ne kaɗai. Da ka sa babban yatsan ƙafa santimita 10 daga bango, gwiwar dama ba ta taɓa bangon ba sai da dunduniya ta tashi, wato idon sawun ma ya yi tauri. Ka sa ƙaramin faifai mai kilo 2.5 a ƙarƙashin kowace dunduniya kafin ya saki, kuma tsakanin zagaye ka riƙa tura gwiwa zuwa bango sau 10.

Ranar Laraba za ka yi tsugunnon ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, dambel mai kilo 8 a kowane hannu, zagaye 3 sau 8. Ka sauka har gwiwar baya ta kusa taɓa ƙasa, mazaunin ƙafar baya a matse. Wannan shi ne durƙuson farko, amma da nauyi, kuma a ganina ya fi komai muhimmanci a tsarin nan.

Ranar Juma'a ɗaga sanda daga ƙasa yana nan a kilo 100. Sai dai ka ƙara mai sauƙi a bayansa: kilo 50, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ka tura mazaunai baya, sanda tana bin cinya zuwa ƙasan gwiwa cikin sakan 3, zagaye 2 sau 10. Atisayen ƙirji, kafaɗa da hannu ba abin da ya canza.

Minti 5 na ƙarshe

Ka durƙusa da gwiwa kusa da bango ko benci, ƙaurin ƙafar a jingine sama, ɗayar ƙafar a gaba. Minti 1 kowane gefe, dama ta samu ƙarin rabin minti. Wannan yana da zafi, don haka ka fara da gwiwa kamar taƙi ɗaya nesa da bango, kana matsowa mako bayan mako. Sannan ka kwanta, ka ɗora idon sawu a kan ɗayar gwiwar, ka jawo cinya zuwa ƙirji, minti 1 kowane gefe. Jan ya tsaya a 6 cikin 10. Idan ka ga kana riƙe numfashi ko cije baki, ka wuce gona da iri, tsokar za ta ƙanƙame ne maimakon ta saki.

A ofis, ka miƙe kowane minti 45, ko da zuwa ɗebo ruwa ne. Fitar Azahar da La'asar ta riga ta ba ka tashi biyu. Idan ka dawo, kafin ka zauna, ka ja ƙafa ɗaya baya, ka matse mazaunin, sakan 20 kowane gefe. Ka cire walat daga aljihun baya. Da dare, cin tuwo a tabarma ya fi maka kujerar falo, kana sauya zama duk lokacin da ƙafa ta gaji.

Daga mako na uku, idan bidiyo ya nuna ƙugu yana nan daram, ka ƙara kilo 5 a tsugunno kowane mako har ka koma 80 a mako na biyar, dambel ɗin Laraba kuma ya koma kilo 10 sannan 12. A ƙarshen mako na uku da na shida za mu maimaita gwajin benci da na bango, da yamma, kafin ɗumama jiki, don awon ya zo daidai da na farko.

Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu a makon farko ba komai ba ne. Wanda ba a jurewa shi ne tsini mai kaifi a matsematsi idan ka kai ƙasan tsugunno, kamar ƙashi na cizon ƙashi. Wannan ba ya jin miƙi, ƙara dannawa ma ƙara fusata shi yake yi, domin ƙirar kwaskon kwatangwalo ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Ka rage zurfi, ka ƙara buɗe ƙafa, idan bai lafa cikin mako biyu ba ka je sashen gashin ƙashi a duba. Idan kuwa ka ji ƙafa tana mutuwa ko wani abu kamar lantarki yana sauka har tafin ƙafa, ko ciwo yana tashinka daga barci, ko ka fara ɗingishi, ka dakatar da komai ka ga likita a makon. Ka ce mini ƙaninka yana son bin wannan tsarin tare da kai, kuma yana da sikila. Kada ya fara sai likitansa ya duba kwatangwalonsa, domin a masu sikila ciwon wurin yana iya zama alamar jini ba ya isa kan ƙashin cinya, kuma nauyi a kansa ɓarna yake yi.

Ka turo mini bidiyon tsugunnon Litinin, zagaye na uku, a ɗauka daga gefen dama, wayar a daidai tsayin gwiwa.