Takardar Miƙa Aikin Sashen Kimiyya

Gadarif, Sudan, Alhamis 9 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Ustaz Haruna,

Assalamu alaikum. Daga ranar Lahadi sashen yana hannunka, Allah ya taya ka riƙo. Makullai uku suna wurin wakilin makaranta: na ɗakin gwaji, na kabad ɗin sinadarai, da na durowar daftarin maki. Ka sa hannu a gabansa kafin ka karɓa.

'Yan aji uku su ne babban nauyinka. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya yanke musu karatu, kuma giɓin ya fi bayyana a lissafin mol da daidaita ma'aunin sinadarai. Amma ka lura, yawancin makin da yaranmu ke zubarwa a Larabcin tambayar yake zubewa. Yaro ya san amsa sarai, sai ya kasa bambance "kawo dalili" da "kwatanta". Don haka a yi bayani da Hausa in ya kama, amma kowane darasi ya ƙare da tambaya ɗaya daga tsofaffin takardun Shahada, wato jarrabawar kammala sakandare, su amsa da Larabci a rubuce. Kada a sassauta wannan. Ustaza Maryam ta riƙe darasin ƙari na Talata, ka bar mata shi.

Yankan riɗi ya kama, bayansa na dawa, yara da dama za su bi iyayensu gona. Kada ka buɗe sabon babi mai wuya yanzu, ka yi bita, gwajin wata kuma ka sanar da shi mako guda tun kafin ranar.

Sai ɗakin gwaji. Sodiyam yana cikin kwalba a nutse cikin kananzir. Duba shi kowane wata, in kananzir ya ja baya ka ƙara, domin da ya taɓa ruwa wuta zai kama. Asid mai ƙarfi yana a kanta ta ƙasa, nesa da amoniya. Malami kaɗai ke tsarma shi, kuma asid ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali. In aka juya, zai tafasa ya fantsamo fuska. Lokacin zafin Afrilu da Mayu, a jiƙa kwalbar amoniya a ruwan sanyi kafin a buɗe. Sinadarin azurfa yana baƙar kwalba saboda haske na lalata shi, kuma da tataccen ruwa ake haɗa shi, na famfo yana sa shi ya yi fari tun ba a fara gwaji ba. Tataccen ruwan lita 5 ya rage.

Madubin ƙara girma 6 ne, 4 ke aiki. Biyun danshin damina ya sa gilashinsu ya yi fumfuna. A goge, a rufe a akwati bayan kowane darasi.

Takardar neman littattafan Fiziya 40 tana ofishin mudir, shugaban makaranta, ba a amsa ba tukuna. Ka tuna masa a taron Lahadi.

Wassalam,
Ɗan'uwanka, Ustaz Abubakar