Zuwa ga Bilki, kan tambayar da kika min cikin dare

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Umma, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta. Saƙonki na wajen ƙarfe 2 na dare sai da asuba na gani, na karanta shi ya fi sau biyar, na ɗauki waya zan kira ki na ajiye saboda na san in na ji muryarki kuka zan yi mu taru mu yi ta yi ba wacce za ta rarrashi wata. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, in kin samu natsuwa ki karanta, in kuma ba yau ba ki ajiye shi, ba ya lalacewa.

Kin ce wai ina Umma take yanzu, kuma in kin yi mata magana tana jinki? Sai kika ƙara da cewa in yafe miki in tambayar ta rashin imani ce. Dan Allah ki cire wannan a ranki. Sahabbai ma sun yi irin waɗannan tambayoyin, kuma da ba su tambaya ba da ba mu samu amsoshin da muke riƙe da su yau ba. Ni ba malama ba ce, kin sani, amma lokacin da Baba ya rasu shekara 6 ke nan tambayar nan ta hana ni barci watanni, na yi ta bin karatu ina tambayar malamai har suka gane ni, to abin da na samo shi zan faɗa miki yadda yake ba ƙari.

Inda mamata suke sunansa barzahu, kuma Alƙur'ani ne ya kira shi haka a Suratul Mu'uminun aya ta 100, cewa a bayansu akwai wani shamaki har zuwa ranar da za a tashe su. Ba duniya ba ce, ba kuma tashin ƙiyama ba ne, tsakani ne. Jikin da aka wanke aka sa a ƙasa shi ne ya koma inda ya fito, amma ita Umman da kika sani, rai ɗin, ba ta ɓace ba, wuri aka canza mata. Yadda abin yake takamaimai ba a buɗe mana duka ba, ko Annabi (SAW) da aka tambaye shi game da ruhi amsar da ta sauka a Isra'i aya ta 85 ita ce ruhi al'amarin Ubangijina ne, kuma ba a ba ku ilimi ba sai kaɗan. Amma kaɗan ɗin nan da aka ba mu wallahi yana da sanyi. Ya zo a hadisin Bara'u ɗan Azib cewa mumini in zai tafi mala'iku masu farin fuska ne suke sauko masa, ran ya fita a hankali kamar yadda ɗigon ruwa yake zubowa daga bakin salka, bayan tambaya kuma a yalwata masa kabarinsa iya ganinsa, a buɗe masa ƙofa ƙamshin aljanna yana shigo masa. A Bukhari da Muslim kuma an ce safe da yamma ana nuna masa mazauninsa. Ba ni da hurumin yanke wa kowa aljanna, ba wanda yake da shi, amma matar da muka sani da sallar dare da riƙon marayu har uku, kyakkyawan zato ga Allah a kanta ba son kai ba ne.

Akwai wani hadisi a Nasa'i da na fi komawa gare shi, saboda abin da ya fi ci min rai game da Baba shi ne tunanin yana can shi kaɗai. An ce in ran mumini ya isa wajen rayukan muminai suna murna da shi fiye da yadda ɗayanku yake murna in nasa da ya yi tafiya ya dawo, sai su hau tambayarsa, ya wane? ya wance? sai wasu su ce ku bar shi ya huta tukuna, yanzu ya fito daga damuwar duniya. Bilki ki duba fa. Ranar da na fara jin wannan na yi kuka sosai amma irin kukan da ke sauke nauyi, don a nan na gane ba mu kaɗai muke cigiyarsu ba, su ma can ana cigiyarmu.

To sai maganar ji, kuma a nan zan bi a hankali don ba na so in faɗa miki abin da zai miki daɗi yau gobe ki ji wani malami ya ce ba haka ba ne ki ji kamar an sake yi miki rasuwa. Malamai sun yi saɓani, kuma saɓanin tun daga sahabbai ya faro. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Anas shi ne in an sa mamaci a kabari mutane suka juya yana jin ƙarar takalmansu. Haka a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Annabi (SAW) ya tsaya bakin rijiyar da aka jefa gawarwakin manyan Ƙuraishawa yana kiransu da sunayensu, Sayyadina Umar ya ce ya Rasulallahi kana magana da gawarwakin da ba rai? ya ce ba ku fi su jin abin da nake faɗa ba. Sannan ga sallamar da ya koyar a yi wa mutanen maƙabarta, kai tsaye ake cewa amincin Allah ya tabbata a gare ku, kamar yadda ake wa wanda yake gabanka. Amru ɗan Asi ma da zai rasu cewa ya yi in an binne shi a tsaya gefen kabarinsa gwargwadon lokacin da za a soke raƙumi a raba namansa, don ya samu ɗebe kewa da su. Da irin waɗannan ne Ibnul Ƙayyim da wasu da yawa suka tafi a kan cewa mamata suna ji.

Amma Nana A'isha, wacce ba wanda zai ce ba ta san Annabi ba, ba ta fahimci maganar Badar haka ba, ta ce nufinsa yanzu sun san abin da yake gaya musu gaskiya ne, ta kawo ayar Namli ta 80, lallai kai ba ka jiyar da matattu, akwai kuma ta Faɗir aya ta 22. Malamai da dama sun bi wannan, suka ce asali ba sa ji sai a wuraren da nassi ya ambata. Ni abin da zuciyata ta natsu da shi, suna ji abin da Allah ya so su ji a lokacin da ya so, amma cewa duk maganar da kika yi a ɗakinki cikin dare tana shiga kunnen Umma kamar kin kira ta a waya, wannan ba zan iya ce miki eh ba. Da ina da wannan amsar da na ba ki.

Na san abin da ya sa kike tambaya. Kiran nan nata guda biyu da kika gani a ranar kina wajen aiki kika ce bari in tashi in kira ta, kafin ki tashi aka kira ki da wani labarin. Kin gaya min har yanzu kina tura saƙon murya zuwa layinta kina ba ta haƙuri, kina kallon alamar nan guda ɗaya da ba ta zama biyu. Ban ga laifinki ba, ni wata 8 na yi ban iya goge lambar Baba ba, har yau ma tana nan. Amma ki saurare ni, rashin ɗaukar waya kina tsakiyar aiki ba saɓa wa uwa ba ne, ajali kuma ba ya jiran a ɗauki waya, da kin ɗauka ma lokacin nan bai matsawa. Kuma ke kin fi ni sanin Umma, yaushe ta taɓa kwana da ke a rai?

Abin da nake so ki riƙe shi ne akwai hanyar da ba a yi saɓani a kanta ba, ita ce addu'a. Maganar da kike so ta isa gare ta ki miƙa wa wanda ba a taɓa shakkar jinsa ba, kuma ita tana hannunsa. Annabi ya ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari da yake masa addu'a. Ke ce ta ukun nan Bilki. A wani hadisin na Ibnu Majah an ce ana ɗaga darajar mutum a aljanna ya ce wannan daga ina? sai a ce masa istigfarin da ɗanka yake maka ne. Kin ga har gaya masa ake yi daga wa abin ya fito. Wani mutum ma ya zo ya ce mahaifiyata ta rasu farat ɗaya, ina jin da ta samu damar magana da ta yi sadaka, in na yi mata tana da lada? Annabi ya ce eh. Kusan halinki ke nan sak. Ba sai mai yawa ba, kuma in akwai bashi a kanta ku fara da shi ke da su Yaya. Ƙawayenta kuma kar ki yar da su, Annabi bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta.

Abu ɗaya dai, roƙo kar ki roƙe ta komai, ko tana ji ko ba ta ji roƙo na Allah ne, ita ake roƙa wa. Na san kin sani, na faɗa ne saboda baƙin ciki yana sa harshe ya zame.

Kuka kuma ki yi abinki. Masu ce miki ki daina kina ƙona ta, abin da aka hana kururuwa ce da marin fuska da yaga tufafi da maganganun ƙin ƙaddara, ba hawaye ba. Annabi da ɗansa Ibrahim yake cikawa a hannunsa hawaye ya zubar, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. In kin gan ta a mafarki cikin kyakkyawan hali ki gode Allah, in ba ki gan ta ba kar ki ce fushi take, ni sai bayan shekara 2 na ga Baba, bai ma ce min komai ba murmushi kawai ya yi. In kin samu hali ki buɗe Suratuɗ Ɗur aya ta 21, inda Allah ya yi alƙawarin riskar da zuriya ga iyayensu muminai, ita nake karantawa duk ranar da kewar ta taso min.

Yaya ta ce min ba kya cin abinci kuma ba kya barci, wannan kam ban yarda ba. In rashin barcin ya ci gaba zan raka ki mu ga likita, ba abin kunya ba ne. Ranar Asabar in sha Allah ina nan zuwa da safe kuma kwana zan yi, kayan Umman da kika ce kin kasa taɓawa ki bar su sai na zo, in kin ji za ki iya mu yi tare, in ba za ki iya ba mu rufe ɗakin mu zauna. Wayata kuma na daina kashe ta da dare, ko ƙarfe nawa ne ki kira, ko ba za ki ce komai ba.

Ki gaida min Yaya da yara.

Taki,
Hadiza