Waƙoƙi Huɗu na Hutu, ga 'Yan Ƙungiyar Adabi ta Aji Biyar

Yarana, tambayarmu ta bana ita ce: ni wane ne? Ku karanta waɗannan da murya, kar a zuci.

"Hausa Mai Ban Haushi", Aƙilu Aliyu: ku masu ganin Turanci ne wayewa, zai yi muku tatas, kuna dariya kuna jin kunya. Da ita za ku fara.

"Imfiraji", Aliyu Namangi: makaho ne daga Zariya, rashin gani bai hana a san shi ba.

"Waƙar Nijeriya", Shehu Shagari: za ku ga ƙasar ta wuce unguwarku.

"Arewa, Jumhuriya ko Mulukiya", Sa'adu Zungur: tana da tsauri, amma tana nuna mai ƙaunar mutanensa na iya faɗa musu gaskiya mai ɗaci. Ku kawo baitocin da suka gagare ku ran Litinin ta farko.