Sabbin gidaje a hanyar Zariya: ku zo ku gani tun ba a yi filasta ba

Litinin

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Hoton nan ba zanen kwamfuta ba ne, jiya da la'asar muka ɗauke shi. Rukunin gidajen da muke ginawa ke nan a hanyar Zariya, gaba da gadar Na'ibawa, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso. Benaye 4 ne, kowanne da fulat 6. Biyu an zuba musu dekin ƙarshe, biyu suna linta a hawan farko.

Laraba

Wasu sun ce mu bari sai an yi fenti sannan mu fara talla. Mun ƙi. Filasta tana rufe aibin gini, fenti kuma ya ƙara ɓoye shi. Yanzu ne mai saye zai ga kaurin rodin da ke cikin ginshiƙi, ya murza bulo da yatsa ya ji ko an yi rowar siminti. Bulonmu mai inci 9 ne, a nan wurin ake buga shi, ana ba shi ruwa safe da yamma kafin ya hau bango.

Alhaji, in kana da injiniya ko birkila da ka yarda da shi, taho da shi. Wallahi mun fi son haka. Wurin kwana iyali ne.

Alhamis

Hajiya, wannan naki ne. Ɗakunan kwana 3, kowanne da banɗakinsa. Kicin mai sito da ƙofar baya, ga wurin shanya. Falon baƙi da ƙofarsa daban, abokan maigida ba za su ratsa ta cikin gida ba. Akwai kuma masu ɗaki 2, daidai amarya da ango.

Asabar

Ruwa fa? An riga an haƙa rijiyar burtsatse, da ita ma ake ginin, kuma sola ce za ta riƙa tura ruwa tanki ko babu wutar KEDCO. Kowane fulat da mitarsa ta kati, ba rigimar haɗa kuɗin wuta da maƙwabta. Magudanar ruwa kuwa ita muka fara ginawa, don mun san halin watan Agusta a garin nan. Masallaci yana daf da get.

Lahadi

Ga farashi, tunda an yi ta tambaya. Mai ɗaki 2 naira miliyan 38, mai ɗaki 3 miliyan 52. Kafin alƙalami kashi 30 cikin 100, sauran a biya cikin wata 12, babu kuɗin ruwa. Muna sa ran miƙa makullan benaye biyun farko nan da wata 8, in sha Allahu.

Takardar mallakar fili da amincewar KNUPDA suna ofishinmu na wurin aikin. A nuna wa lauya kafin a biya ko kwabo. Muna nan kullum daga ƙarfe 9 zuwa 5, ban da Juma'a. A sa takalmi rufaffe, akwai ƙusoshi a ƙasa.